Kondansater da bobin: yadda ake haɗa su, da abin da suke ajiyewa a cikinsu

Akwai wata lalura ta fanka da kusan kowane gida ya sani. A kunna ta, sai ta yi ta gurnani ba ta juya ba, har sai an sa sanda an tura fiffikenta sannan ta tashi, kuma ko ta tashi ɗin ba ta da gudu. Sau da yawa motar fankar lafiya lau take. Wani ɗan ƙaramin abu ne mai ƙafa biyu ya gaji, wanda masu gyara a nan suke ce wa kondansater, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suna ce masa kafasita. Idan mai gyara yana da irinsa daidai, magana ta ƙare. To idan babu fa? Sai ya ɗauko guda biyu ya haɗa su, su yi aikin ɗaya. A nan ne lissafi yake shigowa, don akwai hanyar haɗi iri biyu, kuma wanda ya rikita su zai iya ƙona motar da aka kawo masa gyara.

Kondansater yana da abokin tafiya da ake kira bobin, wasu su ce koyil, a littattafan ilimin lantarki kuma indakta. Shi ma ana haɗa shi ta hanyoyin nan biyu, amma lissafinsa juyin na kondansater ne. Dukansu kuma suna ajiye makamashi, sai dai kowanne da irin ajiyarsa. Waɗannan su ne za mu bi a hankali, da ƴan lambobi kaɗan da kowa zai iya gwadawa a takarda.

Hanyoyin haɗi biyu

Hanya ta farko ita ce haɗin jere. A ɗauki ƙafar wannan a haɗa da ƙafar wancan, kamar ayarin raƙuma da aka ɗaure wani a bayan wani. Wuta ba ta da hanya sai ɗaya: duk abin da ya ratsa na farko dole ya ratsa na biyu.

Hanya ta biyu ita ce haɗin gefe da gefe. A jera su kusa da juna, a haɗa ƙafafunsu na dama wuri ɗaya, na hagu ma wuri ɗaya. Wuta idan ta iso sai ta rabu, wata ta bi nan, wata ta bi can, su sake haɗuwa a gaba.

Akwai kuma kalmomi biyu da za mu riƙa ambata. Ƙarfin da yake tura wuta ana auna shi da bolt, alamarsa V. Yawan wutar da take gudana a cikin waya ana auna shi da amfer, alamarsa A, a lissafi kuma ana rubuta shi I. Ku riƙe wannan ƙa'ida, don komai a kanta yake tsaye: a haɗin jere amfer ɗaya ne yake ratsa kowa, bolt ake rabawa, a haɗin gefe da gefe bolt ɗaya ne a kan kowa, amfer ake rabawa.

Kondansater kamar randa ne

Idan aka farke kondansater, abin da za a tarar shi ne fallen ƙarfe biyu sirara, an raba su da wata ƴar leda ko takarda da wuta ba ta ratsawa, an naɗe su kamar tabarma. Idan aka jona shi da batir, caji zai taru a kan fallayen, ɗaya ya zama na tarawa, ɗaya na ɗebewa. Girman abin da zai iya ɗauka ana rubuta shi C, ana auna shi da farad, sunan da aka ɗauko daga masanin nan na Ingila, Michael Faraday. Farad ɗaya abu ne babba ƙwarai, shi ya sa a jikin na fanka za ku ga µF, wato mikrofarad, kashi ɗaya cikin miliyan na farad.

Ku kwatanta shi da randa. Faɗin randar shi ne C, tsawon da ruwa ya kai a cikinta shi ne V, yawan ruwan kuma shi ne cajin, wanda ake rubuta Q. Randa mai faɗi ta fi siririya ɗaukar ruwa ko da tsawon ruwansu ɗaya ne. A lissafi:

Q = C × V

Yanzu a ajiye randa biyu gefe da gefe, a haɗa gindinsu da tiyo. Ruwan zai daidaita a tsawo ɗaya, kuma biyun sun koma kamar randa ɗaya mai faɗin su duka. Haka kondansater yake a haɗin gefe da gefe: faɗin fallayen ne ya ƙaru, don haka tarawa kawai ake yi.

C = C1 + C2

Ga misali. A ce motar famfon ruwa tana son 20 µF, mai gyara kuma yana da mai 12 µF da mai 8 µF. Ya haɗa su gefe da gefe, 12 da 8 sun zama 20, buƙata ta biya. Sharaɗi ɗaya ne: tunda bolt ɗaya ne a kan kowannensu, dole kowanne ya iya jure bolt ɗin shi kaɗai. Idan ɗaya an rubuta masa 450 V, ɗayan kuma 250 V, to haɗin gaba ɗaya na 250 V ne, mai rauni shi ne ma'auni.

Idan aka jera su, raguwa suke yi

Da mai gyaran nan zai yi kuskure ya haɗa waɗannan biyun a jere, abin da zai samu ko 8 ɗin bai kai ba. A nan kwatancen randa ba ya aiki, sai mu koma kan fallayen kansu. Kondansater yana ƙara girma idan fallayensa suna kusa da juna, yana raguwa idan ratar da ke tsakaninsu ta yi yawa. Idan ka jera guda biyu, fallen farko na wannan da fallen ƙarshe na wancan su kaɗai suke taɓa wayoyin waje, kuma tsakaninsu yanzu akwai rata biyu maimakon ɗaya. Ka yi kamar ka ƙera kondansater ɗaya mai kaurin leda kenan. Lissafinsa:

1/C = 1/C1 + 1/C2

Idan guda biyu ne kawai, akwai gajeriyar hanya: ka ninka su da juna, ka raba da jimlarsu.

C = (C1 × C2) / (C1 + C2)

To 12 sau 8 ya ba da 96, a raba da 20, ya zama 4.8 µF. Kun gani ko? Motar da take son 20 an ba ta ƙasa da rubu'in abin da take nema. Za ta yi gurnani, ta kasa tashi, ta yi ta ɗaukar zafi. Ga wata hanya mai sauƙi ta duba lissafinka: a haɗin jere, amsar dole ta gaza mafi ƙanƙanta a cikinsu. Idan ta fi shi, ka sake lissafi.

Amma haɗin jere yana da ranarsa. Yawancin fankokin sama suna aiki da kondansater na wajen 2.5 µF. Idan babu shi, amma akwai guda biyu masu 5 µF, a jera su: 5 sau 5 ya ba da 25, a raba da 10, ya zama 2.5. Duk lokacin da biyun suke daidai da juna, jere yana ba da rabin ɗaya.

Me ya sa motar take damuwa da wannan lamba haka? A cikin motar fanka akwai naɗin waya biyu. Kondansater yana jere da ɗaya daga cikinsu, aikinsa shi ne ya sa wutar wannan naɗin ta riga ta ɗayan kaɗan. Wannan saɓanin lokaci shi yake sa maganaɗisun cikin motar ya riƙa zagayawa, ya ja fiffike. Idan kondansater ya yi ƙaranci, turin ya yi rauni, shi ya sa sai an taimaka da sanda. Idan ya yi yawa fiye da kima, naɗin zai sha wuta fiye da ƙarfinsa, fanka ta yi gudu na ƴan kwanaki ana murna, daga baya a ji ƙauri.

Ƙaramin shi yake ɗaukar babban kaya

Akwai wani tarko a haɗin jere da ya kamata a tsaya a kansa. Mutum zai ce: ina da biyu, kowanne yana jure 250 V, idan na jera su sun zama masu jure 500 V. Wannan gaskiya ne kawai idan girmansu ɗaya.

Mu koma kan 12 µF da 8 µF ɗinmu a jere, mu ɗora musu 300 V. Tunda hanya ɗaya ce, cajin da ya shiga wannan shi ne ya shiga wancan. Jimlar haɗin 4.8 µF ce, a ninka da 300, cajin ya zama 1440, a ma'aunin mikrokulom. Yanzu a raba wannan caji da girman kowanne don a ga bolt ɗin da ya hau kansa. Mai 12 ya samu 1440 raba 12, wato 120 V. Mai 8 ya samu 1440 raba 8, wato 180 V. A tara 120 da 180, an dawo 300, lissafi ya fita.

A nan randa ta sake amfani: ka zuba bokiti ɗaya a randa mai faɗi, ka zuba bokiti ɗaya a siririya, a wacce ruwa zai fi hawa sama? A siririyar mana. Ƙaramin kondansater shi yake ɗaukar kaso mafi girma na bolt, a misalinmu kashi 6 cikin 10. Don haka idan aka ɗora wa haɗin 450 V, ana ganin ai bai kai 500 ba, mai 8 µF zai sha 270 V, ya wuce 250 ɗin da aka rubuta masa. Ledar cikinsa za ta huje, ya zama kamar waya, daga nan bolt ɗin gaba ɗaya ya koma kan ɗan'uwansa, shi ma ya bi shi.

Kada kuma a ce ai wutar gida 220 V ce, 250 ya isa. A cikin mota mai juyawa, bolt ɗin da ke kan kondansater yakan zarce na layi, saboda yadda shi da naɗin wayar suke tura wa juna wuta. Shi ya sa na fanka da na famfo za ku ga an rubuta musu 400 V ko 450 V. Sannan irin kondansater ɗin nan mai kamar gwangwani, mai alamar tarawa da ɗebewa a jikinsa, wanda ake samu a cikin rediyo, na wuta mai bin hanya ɗaya ne irin ta batir. Wutar gida tana juya baya da gaba, zagaye 50 a kowace daƙiƙa. Idan aka sa shi a fanka, zai yi zafi, ya kumbura, ya fashe.

Makamashin da ke cikin kondansater

Cika randa aiki ne. Bokitin farko ba ya buƙatar a ɗaga shi sosai idan ta gindi ake tura ruwan, amma na ƙarshe sai an tura shi har tsawon bakin randar. Idan aka daidaita, kowane bokiti an ɗaga shi rabin tsawon ne. Haka cajin kondansater: na farko yana shiga cikin sauƙi, na ƙarshe sai an tura shi da cikakken bolt. Daga nan rabin nan na cikin lissafi ya fito:

E = ½ × C × V²

Ana auna E da jul, alamarsa J, daga sunan James Joule. Jul ɗaya kusan aikin ɗaga ƙaramin tumatir mai giram 100 ne daga ƙasa zuwa tsawon mita ɗaya. Kafin a yi lissafi, a mayar da mikrofarad zuwa farad, wato a raba da miliyan.

Mu gwada da namu biyun a kan 300 V. Gefe da gefe sun zama 20 µF: rabin 0.000020 sau 90,000 ya ba da 0.9 J. A jere sun zama 4.8 µF: amsar 0.216 J ce. Kayan nan guda, bolt ɗin nan guda, amma ajiyar ta bambanta fiye da ninki huɗu, saboda a jere babu wanda ya samu cikakken 300 V. Za mu iya tabbatar da amsar ta lissafin kowanne daban. Mai 12 µF a kan 120 V yana riƙe da 0.0864 J, mai 8 µF a kan 180 V yana riƙe da 0.1296 J. Jimla 0.216 J, daidai da na farko. Ku lura, a jere ƙaramin ne ma ya fi ajiya.

Wannan ƴar lambar 2 da ke kan V ita ce abin tsoro. Ka ninka bolt sau biyu, makamashi ya ninka sau huɗu. Kondansater mai 1000 µF a kan batir mai 12 V yana ajiye 0.072 J kawai, ka taɓa shi ba za ka ji komai ba. Amma a cikin talabijin da ire-irensa akwai wanda yake karɓar wutar gida bayan an miƙar da ita. Wutar 220 V ƙololuwarta tana kai wa wajen 310 V, kuma nan ne kondansater yake tsayawa. Idan mai 470 µF ne, ajiyarsa kusan 23 J ce. Bai kai rabin wancan girma ba, amma ya fi shi makamashi fiye da sau 300. Kamar dutse mai kilo ɗaya ne ya faɗo daga sama da mita biyu, kuma duk zai fito ne a ƙiftawar ido, ta yatsan wanda ya taɓa.

Abin da ya sa wannan yake cutar da mutane shi ne, cire filogi ba ya zubar da ajiyar. Kondansater yana iya riƙe cajinsa mintuna, wani lokaci har sa'o'i, bayan an raba na'ura da wuta. Masu gyara da suka san aikinsu sukan fara auna shi da mita, sannan su zubar da cajin a hankali ta cikin rezistans ko ƙwan fitila mai zare, su sake aunawa su ga ya sauka kafin hannu ya shiga. Haɗa ƙafafunsa da sukurdireba yana fitar da tartsatsi mai ƙara, yana cin ƙarfen, yana iya lalata kondansater ɗin ma. Ku ƙannenmu masu son buɗe tsohon talabijin ku ga abin da ke ciki, don Allah ku bar shi sai gaban wanda ya koyi aikin.

Bobin kamar amalanke ne

Bobin waya ce kawai da aka naɗa zagaye da yawa, sau da yawa a kan ƙarfe. Idan wuta tana gudana a cikinta sai ta haifar da maganaɗisu, kuma a cikin wannan maganaɗisun makamashin yake zama. Girmansa ana rubuta shi L, ana auna shi da henri, daga sunan Joseph Henry na Amurka. Wanda aka fi cin karo da shi milihenri ne, mH, kashi ɗaya cikin dubu.

Halin bobin shi ne ba ya son a canza gudun wutar da ke cikinsa farat ɗaya. Ku kwatanta shi da amalanke da aka loda wa buhunan gero. Tayar da shi da wuya, idan kuma ya ɗauki gudu tsayar da shi ya fi wuya. Nauyin kayan shi ne L, gudun amalanken shi ne I. Lissafin ajiyarsa ma ya yi kama da na ɗan'uwansa, amfer ne kawai ya maye gurbin bolt:

E = ½ × L × I²

Idan ka ɗaure amalanke biyu wani a bayan wani, gudunsu ɗaya, nauyinsu ya taru. Haka bobin a jere: zagayen waya ne aka ƙara a kan hanya ɗaya, sai a tara.

L = L1 + L2

A gefe da gefe kuwa wuta ta samu hanya biyu, kowane bobin wani kaso kawai yake ɗauka, don haka turjiyar haɗin ta ragu:

1/L = 1/L1 + 1/L2

Kun ga juyin da muka faɗa tun farko. Kondansater yana taruwa a gefe da gefe, ya ragu a jere. Bobin yana taruwa a jere, ya ragu a gefe da gefe.

Mu ɗauki mai 40 mH da mai 10 mH, wutar da ke shiga haɗin kuma 2 A. A jere sun zama 50 mH, ajiyarsu rabin 0.05 sau 4, wato 0.1 J. Tunda amfer ɗinsu ɗaya, babban ya riƙe 0.08 J, ƙaramin 0.02 J. A gefe da gefe, 40 sau 10 ya ba da 400, a raba da 50, sun koma 8 mH, ajiyar ta faɗo zuwa 0.016 J. Wutar ta fi bin inda turjiya ta yi sauƙi: 1.6 A ta ƙaramin, 0.4 A ta babban. Wannan rabon yana aiki ne lokacin da wuta take tashi ko take juyawa. Idan wutar batir ce da ta daɗe da daidaita a gudu ɗaya, kauri da tsawon wayar kowanne su suke yanke rabon.

Inda lissafin bobin yake kaucewa

Waɗannan ƙa'idodi biyu suna da sharaɗin da kondansater bai da shi: dole bobin biyun su kasance nesa da juna, yadda maganaɗisun wannan ba ya shiga cikin wancan. Idan suna kusa, ko suna kan ƙarfe ɗaya, labari ya canza.

Dalili shi ne, girman bobin yana tafiya ne da yawan zagayen an ninka shi da kansa. Zagaye ninki biyu a kan ƙarfe ɗaya yana ba da L ninki huɗu. To a ce akwai naɗi biyu iri ɗaya, kowanne 10 mH, a kan ƙarfe guda. Ka jera su yadda wuta take zagaya su ta fuska ɗaya, ba 20 mH za ka samu ba, kusan 40 mH ne. Ka juya ƙafafun ɗaya, maganaɗisun wannan ya soke na wancan, sai ka samu kusan sifiri. Littattafai suna rubuta shi haka, inda M yake nufin yawan tasirin da suke yi wa juna:

L = L1 + L2 ± 2M

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai naɗa mota ko taransifoma. Idan ya haɗa naɗi biyu a juye, babu turjiyar da za ta tare wutar gida, sai ta kwararo da yawa, fiyus ya tsinke ko waya ta ƙone. Yadda ake ganewa kafin a kunna shi ne a auna haɗin da mita mai auna henri, a juya ƙafafun ɗaya a sake aunawa. Babbar lambar ita ce ta lokacin da suke taimakon juna.

Ajiyar da ba ta jira

Akwai bambanci ɗaya babba tsakanin ajiyar nan biyu. Randa tana riƙe ruwanta a tsaye, amma makamashin amalanke yana cikin gudunsa ne. Kondansater yana iya zama da cajinsa a kan tebur. Bobin kuwa, da zarar an yanke wuta, dole ajiyarsa ta fita nan take, kuma za ta nemi hanya ko ta halin ƙaƙa. Yana yin haka ne ta hanyar tayar da bolt mai yawa, gwargwadon saurin yankewar:

V = L × (ΔI / Δt)

A nan ΔI yana nufin yawan amfer da ya canza, Δt kuma lokacin da canjin ya ɗauka. Da wannan dabara motar fetur take kunna fulogi. A ce naɗin farko na bobin ɗinta 5 mH ne, yana ɗauke da 4 A daga batir mai 12 V. Ajiyarsa rabin 0.005 sau 16, wato 0.04 J, ɗan mitsitsin abu. Amma idan aka yanke wutar cikin kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, lissafi ya ba da 0.005 sau 4 raba 0.0001, wato 200 V, daga batir mai 12 kawai. Naɗi na biyu, idan zagayensa ya ninka na farko sau 100, zai ɗaga wannan zuwa 20,000 V, wanda ya isa ya tsallake ƴar ratar bakin fulogi ya kunna fetur. Wannan halin ne kuma yake sa maɓallin babbar mota ta lantarki ya riƙa tartsatsi lokacin kashewa, har bakinsa ya cinye a hankali.

Gwada da kanka

Ga tambaya da za ku yi a takarda kafin ku duba amsa. Fanka tana son 2.5 µF. A cikin akwati akwai guda uku, duk masu jure 450 V: biyu masu 2 µF, ɗaya mai 1.5 µF. Yaya za a haɗa su, kuma nawa haɗin zai ajiye a kan 200 V?

Amsa: a fara jera masu 2 µF ɗin biyu, su ba da rabin ɗaya, wato 1 µF. Sai a ɗauki wannan jeren kamar abu ɗaya, a haɗa shi gefe da gefe da mai 1.5 µF, jimla 2.5 µF. Ajiyar ita ce rabin 0.0000025 sau 40,000, wato 0.05 J. Don tabbatarwa: mai 1.5 µF yana kan cikakken 200 V, ya riƙe 0.03 J, masu 2 µF sun raba bolt ɗin ɗari ɗari, kowanne ya riƙe 0.01 J. A tara 0.03 da 0.01 da 0.01, an samu 0.05 J. Yawancin haɗi mai rikitarwa haka ake warware shi: a nemo biyun da haɗinsu ya fito fili, a mayar da su ɗaya, a sake duba zanen, har ya rage guda.